Kuskuren harafi a sunan 'yata a takardar WAEC

Baban Rukayya: Assalamu alaikum. A takardar haihuwar 'yata da katinta na NIN an rubuta Rukayya Abdullahi, amma takardar WAEC ta fito da Rukaiya Abdulahi. Tana shirin neman gurbin jami'a, don haka nake neman shawararku a kan inda ya kamata in fara.

Kawu na Fagge: Wa alaikumus salam. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, sannan ka buga sanarwa a jarida. Haka na yi wa ƙanena, kuma an karɓa.

Tsohon Shugaban Makaranta: Kawu ya faɗi rabin magana. Rantsuwa tana bayyana saɓanin ne kawai, ba ta canza abin da ke cikin kundin hukumar jarrabawa, saboda haka duk wanda ya tantance sakamakon nan gaba, kuskuren zai sake gani. Tunda a makaranta ta zana jarrabawar, ta hannun makarantar gyaran zai bi. Shugabanta ne zai rubuta wa WAEC wasiƙa yana tabbatar da sahihin sunan, a haɗa da ainihin takardar mai kuskure, da kwafin takardar haihuwa, da rantsuwar, da shaidar biyan kuɗin gyara. Kafin ka miƙa ainihin takardar, ka ɗauki kwafinta, kuma ka karɓi shaidar cewa an amsa, domin aikin yakan ɗauki watanni.

Malam, ka nemi makarantar ta duba rajistar shigar ɗalibai. Yawanci a wajen shigar da sunaye cikin kwamfuta ake yin irin wannan kuskure, kuma idan rajistar tana ɗauke da sunan daidai, hujjarka ta yi ƙarfi.

Maman Biyu: Ni ma ina so in mayar da takarduna zuwa sunan maigidana. Hanyar ɗaya ce?

Tsohon Shugaban Makaranta: A'a, Hajiya, wannan canjin suna ne, ba gyaran kuskure ba. Takardun makarantarki za su zauna da sunan mahaifinki, kuma a nan ne rantsuwa da sanarwar jarida suke da amfani.

Kawu na Fagge: Ranka ya daɗe, ba zai fi sauri ba a gyara NIN ɗin ya dace da takardar WAEC?

Tsohon Shugaban Makaranta: Ban ba da wannan shawara ba. JAMB tana ɗauko sunan ɗalibi daga NIN, fasfo ma sai ya dace da shi, to idan aka mayar da NIN kan kuskure, sai ya saɓa wa takardar haihuwar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bayar, a sake komawa can neman gyara.

Baban Rukayya: Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne ko jami'a za ta amince da rantsuwar a lokacin tantancewa idan gyaran bai fito ba.

Kawu na Fagge: Ta ƙanena ta amince, amma gara ka tambayi ofishin rajistar wadda take nema tun yanzu.