Neman shawara: bayan kafaɗar yayana ya lotsa, wace jijiya ce?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a aji biyu, sashen fisiyo, wato gashin ƙashi. Yayana yana buga ƙwallon raga tun yana sakandare, shi ne mai dukan ƙwallo a gaban raga, kuma shi ke biya min kuɗin makaranta, shi ya sa hankalina ya tashi. Jiya ya cire riga na ga bayan kafaɗarsa ta dama ya lotsa, ƙasa da ƙashin da ya ratsa allon kafaɗa. Yana ɗaga hannu lafiya, amma juya shi waje ba ƙarfi. Na ce wa Hajiya jijiyar aksilari ce, tunda ita ke ba tsokar teres maino umarni. Yanzu gida kowa ni yake kallo. Daidai na faɗa?

Abba Aji Uku: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tsokar sufurasifinatus ce ta yage, ita ce ta fi yagewa cikin tsokoki huɗun nan da ke riƙe gaɓar kafaɗa, wato rotato kof. Ita ke fara ɗaga hannu digiri 15 na farko, sannan deltoyid, tsokar tudun kafaɗa, ta karɓa.

Malam Fisiyo: Abba, gaskiya ne ita ta fi yagewa, amma ka sake karanta abin da yarinyar ta rubuta. Ramin yana ƙasan ƙashin ne, sufurasifinatus kuwa a samansa take kwance. Kuma kar ka ɗauka tana barin aiki bayan digiri 15. Tare suke tafiya da deltoyid, tana danne kan ƙashin dantse a gurbinsa don kar deltoyid ta fizge shi sama.

Ummi, wurin da kika nuna mazaunin tsokar infirasifinatus ne. Ita ce babbar mai juya hannu waje, teres maino 'yar taimako ce. Mai ba ta umarni kuwa jijiyar sufurasikafula ce, daga saiwoyin C5 da C6 na wuya. Bi hanyarta da yatsa a bayansa: tana shiga ta wata tsaga a saman allon kafaɗa, ta ba sufurasifinatus, sai ta yi kwana ta gefen ƙashin nan, a tsagar sifainogilinoyid, ta gangara ga infirasifinatus. In ta matsu a tsaga ta farko, tsokoki biyu ne za su rame, sama da ƙasa. In a kwanar ce, ta ƙasan kaɗai ke bushewa, mutum ya ci gaba da ɗaga hannunsa kamar ba komai. An san wannan sosai a masu ƙwallon raga, saboda yawan dukan sama da kai yana jan jijiyar a daidai kwanar.

Ummi: Malam na gode, amma a littafinmu teres maino ma juya hannu waje take yi. Ban ga abin da ya kore aksilari ba.

Malam Fisiyo: Aksilari ba teres maino kaɗai take riƙe da ita ba, har da deltoyid. Da ita ce, da tudun kafaɗar ne zai baje, ɗaga hannu ya yi nauyi, fatar gefen dantse daga sama ta rage jin taɓawa. Shafa wurin da auduga, dama da hagu, ki tambaye shi ko ɗaya yake ji. Sannan ya manna gwiwar hannu a jikinsa, a lanƙwashe digiri 90, ya tura waje kina tarewa. Daga nan ya tura ciki, wannan aikin sabsikafularis ne da ke gaban allon, jijiyoyinta daban ne, ya kamata ki same ta da ƙarfi.

Maman Hanif: Ni ma tun da na yi dakan biki kafaɗata ba ta sake zama daidai ba, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Na je asibiti tun asuba, likita ko taɓa ni bai yi ba ya rubuta maganin ciwo. Ku kai shi wajen mai ɗori kawai a ja masa.

Nas Hadiza: Don Allah Maman Hanif kar a ja, ba gocewa ba ce. Taki ma ta cancanci a duba da kyau. Malam, ni dai ban yarda a yanke hukunci daga nesa ba. Igiyar tsokar in ta yage ta daɗe, ita ma tana sa ramewa. Wani lokacin kuma ƙullutun ruwa ne daga gaɓar yake danne jijiyar, sai hoton maganaɗisu ke nuna shi.

Malam Fisiyo: Saurayi irin wannan, ba faɗuwa, ba ciwon dare? Jijiya ce. Gwajin lantarki na jijiya da tsoka za a fara yi.

Nas Hadiza: Ai ba ta ce mana babu ciwo ba, kuma ba ta faɗi shekarunsa ba. Ummi, yaushe abin ya fara? Ya taɓa faɗuwa a kanta?

Ummi: Auduga na gwada, ya ce ɗaya yake ji, amma Yaya ba ya son nuna gazawa, ƙila ɓoyewa yake yi. Ni har yanzu ina ganin a bar aksilari a lissafi. Suna da wasa ranar Asabar kuma ya ce sai ya buga. Hoton da gwajin lantarkin wanne ya fi sauƙin kuɗi?