Shekara biyu ba sa ga maciji: in zaunar da su sulhu ko kuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma ina da ma'aikata mata biyu, matsayinsu ɗaya, waɗanda suka shekara biyu ba sa ga maciji. Asalin abin miƙa aiki ne: mai aikin dare tana cewa ana bar mata ɗaki ba a rubuta magungunan da aka bayar ba, mai aikin rana kuma tana cewa ana zuwa a makare. Yanzu ta kai ga ba sa magana sai ta takarda. A watan jiya kwalin allura ya ɓace, ɗaya ta ce ɗayar ce ta ɗauka. Mai asibitin ya ce in zaunar da su ranar Asabar in sasanta. Shin in yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Hajiya, ki zaunar da su, Allah Ya ce sulhu alheri ne. Ki samo dattijuwa ta yi musu nasiha, su yafi juna.

Tsohuwar Akanta: Malam, irin wannan nasihar ce ta raba ni da aikina. Shugaban sashenmu ya yi wata takwas yana aiko mini da saƙonnin da ba su dace ba, da na ƙi sai ya fara riƙe takardar hutuna. Da na kai ƙara, aka kira mu ofis ɗaya, shi yana kan kujerarsa, ni ina tsaye bakin ƙofa riƙe da wayar da saƙonnin suke ciki, kuma babu wanda ya ce in nuna. Aka ce in yi haƙuri, ya girme ni, aka sa muka yi addu'a. Bayan wata uku shi ne ya cika takardar auna ƙwazona. Har yau idan na ji an ce "a yi haƙuri" gabana faɗuwa yake yi.

Baban Khalifa: Allah Ya saka miki, 'yar'uwa. Amma waɗannan matsayinsu ɗaya ne.

Malam Na Sashen Ma'aikata: Hajiya, magana biyu kika haɗa, kuma dole ki raba su. Ɓatan allura zargi ne, bincike yake buƙata: a duba littafin sito, a ga wa ke riƙe da makulli a ranar. Idan kika kai shi teburin sulhu, za a tashi ba a wanke wadda aka zarga ba, ba a kuma kama mai laifi ba. Hadisin da ya halatta sulhu ma ya togace wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Rikicin miƙa aiki kuwa sulhu yana yi masa magani, bayan an gama binciken. A fara ganin kowacce ita kaɗai, a tambaye ta ko ta yarda, domin wadda aka tilasta wa zama za ta ce "na yafe" da baki kawai. A zaman haɗuwa kada a nemi wa ya fara. A nemi abin da za a yi daga gobe, a rubuta shi: miƙa aiki baki da baki a gaban gadon majiyyaci, kowacce ta sa hannu a littafi, a sake zama bayan mako shida. Kuma kada ke ki jagoranta, tunda ke kike tsara musu jadawali, ba za su saki jiki a gabanki ba.

Maman Ilham: To wa zan samo? Mai asibitin ba zai so kashe kuɗi ba.

Injiniya: Mu mun ɗauko mai shiga tsakani daga waje, naira dubu 150 na yini ɗaya. Idan a Kano kike, ki tambaya a Kano Multi-Door Courthouse, aikinsu ke nan.

Maman Sadiq: Dubu 150? Mu wata tsohuwar shugabar jinya da ta yi ritaya muka roƙa, kuɗin mota kawai aka ba ta, kuma har yau lafiya suke zaune.

Injiniya: Wadda ba ta koyi aikin ba, nasiha za ta yi, ba sulhu ba.

Maman Sadiq: Wadda ta yi shekara talatin tana aikin dare ta fi mai takardar shaida sanin abin da ake faɗa a kansa. Ni ma tambayata ga Hajiya ita ce, mai aikin daren nan tun yaushe take dare? A wurinmu mutum biyu ne kullum ake jibga wa dare da ranakun Sallah, 'yan lele kuma suna rana, sannan a ce ba mu da haƙuri.

Maman Ilham: Gaskiya ta fi shekara tana dare, domin ɗayar tana da goyo lokacin da aka tsara, kuma ba a sake dubawa ba. Yaron yanzu har ya fara tafiya.