IRR ɗin ya fi 8, to me ya sa za mu fasa?

Mai Tifa: Salam jama'a. Mu biyu za mu shiga haƙar burji, mu zuba miliyan 10 yanzu, baɗi mu samu 26, shekara ta biyu mu kashe 16.5 wajen cike ramin kamar yadda muka yi da masu fili. Ni Excel ya ba ni IRR, wato kashin ribar da aikin zai kawo a shekara, kashi 10, abokina kuma 50 ya gani. Kuɗinmu a shago kashi 8 suke kawowa, na ce ko wanne aka ɗauka ai ya fi 8, a shiga kawai.

Ɗan Kasuwa: Wa alaikassalam. Ɗayanku ne ya yi kuskuren shigar da lamba, lissafi ɗaya ai ba ya ba da amsa biyu.

Malama Akanta: Ba wanda ya yi kuskure Alhaji, na gwada yanzun nan. Ka sa -10, 26, -16.5 a A1 zuwa A3 sai ka rubuta:

```
=IRR(A1:A3)
=IRR(A1:A3,0.6)
```

Na farko 10 zai ba ka don Excel daga kashi 10 yake fara lalube in ba ka gaya masa komai ba, na biyun 50. Kuɗinku sun juya sau biyu, fita, shiga, sannan fita kuma, to duk sanda aka yi haka amsar tana iya kai biyu, kuma Excel ba zai ce maka akwai wata ba, wadda ya fara cin karo da ita zai miƙo maka ya yi shiru. Mai Tifa don Allah kafin ka sa hannu ka tara da kanka, 26 ta shigo, 26.5 ta fita, tun ba a yi maganar lokaci ba rabin miliyan ya tafi.

Mai Tifa: Na gani Malama, amma 16.5 ɗin sai bayan shekara biyu fa, kafin nan ina juya 26 ɗin.

Malama Akanta: Yauwa, nan maganar take. Ka juya ta a nawa? In a 8 ɗin shagonka ne ka rubuta `=A1+NPV(0.08,A2:A3)`, 26 ta baɗi ta koma 24.07 a kuɗin yau, 16.5 ta koma 14.15, ka cire ta ka cire 10 ɗin farko, ka faɗi da kusan dubu 72. Aikin nan ba ya riba sai tsakanin 10 da 50, a kashi 30 misali yana ba da kusan dubu 237, saboda rabinsa kamar bashi ne masu fili suka ba ka na shekara guda, mai iya juya kuɗi da sauri shi ke cin moriyarsa.

Injiniya: Ni MIRR nake amfani da shi, wato IRR ɗin da ake sa masa kashin bashi da kashin juya kuɗi, amsa ɗaya yake bayarwa ba ciwon kai. Na sa 8 da 8 ya ba ni 7.8, magana ta ƙare.

Malama Akanta: Amsa ɗaya kam, amma kai ka zaɓa masa lambobin biyu Injiniya, canza su ka ga ya canza.

Hajiya Mai Kaji: Ni ban gane ramin ba sosai amma bari in faɗi nawa. Bara na sa miliyan 1 a kaji na fita da 1.5, yayana ya sa 10 a ajiyar masara ya fita da 12.5, ni 50 shi 25, har yau cewa yake ya fi ni dabara kuma wallahi abin yana min ciwo.

Ɗan Kasuwa: Hajiya a yi haƙuri, ke dubu 500 kika kai gida shi miliyan 2.5, kashi ba ya sayen buhun shinkafa.

Malama Akanta: Ku biyun kuna da gaskiya rabi-rabi. Da ke ma 10 ce a hannunki kuma ɗaya kawai za ki zaɓa, sai a duba ƙarin, wato 9 ɗin da ya ɗora ta dawo da 11, kusan kashi 22 ke nan, in ba ki da inda 9 ɗin za ta kawo fiye da haka masara ta fi. Amma mai miliyan 1 kacal ba ta da wannan zaɓin, kin yi daidai.

Hajiya Mai Kaji: Kuma ko da ina da 10 ɗin keji ba zai ɗauka ba, masu sayen ma ba su kai haka ba a unguwarmu.

Injiniya: Ni har yanzu 8 ɗin nan ce ban yarda da ita ba, da tsadar kayan nan wa ke lissafi da 8? In 25 ko 30 ce ta gaskiya ai aikin ya koma riba.

Mai Tifa: To shi ne fa, in na ƙara tifa ɗaya da kuɗin zan iya wuce 10 cikin sauƙi.

Malama Akanta: Za ka iya, amma tsadar da Injiniya ya ambata za ta taɓa gas da haya na cike ramin ma, in 16.5 ta zama 18 babu kashin da zai fitar da kai, Excel ma `#NUM!` zai nuna maka. Wa ya ba ku 16.5 ɗin, a rubuce take?

Mai Tifa: Da baki ne mai buldoza ya faɗa. Gobe in sha Allahu zan koma wajensa.