Awon jini na gida: wane matsakaici zan nuna wa likita?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce in riƙa auna jinina a gida na mako guda in kawo masa. Na auna safe da dare, sau biyu-biyu, yanzu shafi ya cika da lambobi. Ranar farko har 158/96 na gani, wata rana kuma 128/80. Wanne zan kai masa, ko yaya ake haɗa su?

Ɗan Dattijo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai mafi ƙanƙanta nake ɗauka, don shi ne na lokacin da jiki ya natsu. Manyan nan fargaba ce ke kawo su.

Anti Nas: Malam, gaskiyarka fargaba tana ɗaga awo, amma idan ta kai mafi ƙanƙanta kaɗai, ta ɓoye wa likita abin da ya aike ta nema. Hajiya, ki ajiye ranar farko gefe gaba ɗaya. Ranar nan mutum bai saba da na'urar ba, hankalinsa a tashe yake, shi ya sa awonta yakan fi na sauran. Sauran kwana 6 ɗin, awo 4 a kowace rana, sun ba ki awo 24. Ki tara lambobin sama duka ki raba da 24, sannan ki tara na ƙasa daban ki raba da 24. Kada ki zaɓi masu daɗin gani, kada kuma ki goge wanda ya tsorata ki. Turo mana abin da kika samu.

Uwar Biyu: Na fitar da na kowace rana tukuna. Na sama: 138, 142, 136, 134, 140, 138. Na ƙasa: 86, 88, 84, 83, 87, 88. Jimla 828 da 516, na raba da 6, ya ba ni 138/86. Alhamdu lillahi, bai kai 140/90 ba, ke nan lafiya lau ko?

Anti Nas: Lissafinki daidai ne tunda kowace rana awo 4 ne cif. Sai dai 140/90 iyakar awon asibiti ce. A gida jini yakan sauka kaɗan, don haka iyakar da aka fi amfani da ita 135/85 ce, kuma naki ya ɗan haura ta sama da ƙasa. Ba abin tashin hankali ba ne, amma abu ne da likita zai so ya gani. Ki ƙara wani lissafi guda: ki ware na safe 12 da na dare 12, kowanne da matsakaicinsa. Kuma ina fata na safen kafin shan magani kike yi, bayan kin yi fitsari kin zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu.

Uwar Biyu: Haka nake yi. Na safe 144/90, na dare 132/82. Ashe tazarar ta kai haka!

Anti Nas: Wannan ne abin da lamba ɗaya take rufewa. Mai yiwuwa ƙarfin maganin yana raguwa kafin gari ya waye, mai yiwuwa kuma rashin isasshen barci ne ko wani dalili. Likita ne zai tantance, kada ki canja lokacin shan magani ko yawansa da kanki. Ki rubuta ukun a saman shafi, 138/86, 144/90 da 132/82, ki tafi da littafin duka har ranar farkon, da ita kanta na'urar don a gwada ta da tasu.

Maman Yara: Ni a da ba na yin wannan wahalar, na'urata tana da maɓallin da ke fitar da matsakaici da kanta. Sai da likita ya tambaye ni ko ni kaɗai nake amfani da ita. Ashe awon maigidana da na baƙin da suka ce a gwada su duk suna ciki. Wasu na'urorin ma na awo 3 na ƙarshe kawai suke haɗawa. Tun daga nan na koma biro da takarda.

Ɗan Dattijo: To ni likitana cewa ya yi in jefar da awon farko na kowane zama, in rubuta na biyu kawai. Kuma ya ce 130/80 yake so in tsaya ƙasa da shi.

Anti Nas: Akwai masu yin haka, kuma ƙa'idar Amurka ta 2017 daga 130/80 take fara kiran abin hawan jini. Abin da ake so kowa ya tsaya a kai ya danganta da shekaru da ciwon suga ko na ƙoda. Ni dai na fi son a rubuta awon farko da na biyu duka, likita ya cire wanda ya ga dama. Abu ɗaya ne ba ya jiran matsakaici: idan awo ya kai 180/120, a huta a sake, in bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, dishi-dishin gani, ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti nan take.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Zan tambaye shi wace iyaka ce tawa, 135/85 ko 130/80.