Mushen Bakin Kogi: Kura ce ko Kare?

Mai Awaki: Jama'a ga hoto. Yara suka tsinci mushen nan a bakin Kogin Haɗeja bayan ruwa ya janye. Tun bazara nake cewa kura ce ke ɗauke mini awaki, 'yan birni na yi mini dariya. To ga ta nan, ku dubi haƙora!

Ɗan Kasuwa: Su waye 'yan birni? Kawu, a ƙauyen nan aka yanke cibiyata. Neman abinci ya fitar da mu.

Mai Awaki: Wanda bai taɓa kwana yana gadin garke ba, ɗan birni ne.

Malamar Dabbobi: Baba, a yi haƙuri, hoton nan bai isa a yanke hukunci ba. Dabba in ta kwana biyu a ruwa, gashi yakan zube, ciki ya kumbura, leɓe ya zagwanye har haƙora su fito waje. Karen gida ma haka zai koma, abin tsoro. Ɗigo-ɗigon jikin kura da zanen jikin sayaki duk a gashi suke, sun tafi da shi. Kuma ba a ajiye ko takalmi kusa ba, balle mu gane girmansa.

Baba Maharbi: Yarinya, ina farauta ba a haife ki ba. Gaba a tashe, baya a sunkuye, kura ce.

Malamar Dabbobi: Gaskiya ne Baba, ƙafafun kura na gaba sun fi na baya tsawo. Amma wannan a kwance yake, ƙafar baya ta nutse a laka. A sa sanda a ɗaga leɓen sama, a nemo babban haƙorin nan mai kaifi na yankan nama. In akwai turame biyu a bayansa, dangin kare ne. Kura ɗaya gare ta, ɗan mitsitsi. Haƙoran kare 42 ne, na kura 34. A duba ƙafar gaba kuma: kare na da ƙaramin yatsa na biyar a ɗan sama, kura huɗu kawai. Kada a taɓa da hannu, a kori yara.

Gwaggo: Ni kare na ja ya ɓata tun kafin ambaliya. Akwai igiya a wuyansa?

Ɗan Kasuwa: Har yanzu ba a janye kalmar nan ba. Da za a gyara rijiya, 'yan birnin aka tuna.

Ɗalibi: In aka ga 42, shi ke nan kare ne.

Malamar Dabbobi: Dila ma 42 gare shi. Raba su sai an ga ƙoƙon kai a hannu.

Mai Awaki: Dila ne zai ja bunsuru ya haura danga da shi?

Ɗan Kasuwa: Ɓarawo zai iya.

Mai Awaki: Wa kake nufi? Fito fili!

Sakataren Ƙungiya: Ya isa haka. Na bi maganar kowa. Baba Maharbi, wanda ya fi mu sanin daji, ya ce kura ce, Kawu ma da asarar ta shafa ya ce haka. Malama ta kawo lissafin boko, mun gode. Yara sun ce an riga an binne mushen saboda wari. Masu zama a birni su riƙa tauna magana kafin su yi wa manya gardama.