Jama'a ku taimaka, kalmomin yanayi sun cakuɗe min

Salam 'yan uwa, ina so in tsamo kalmomin yanayi daga rubutun Hausa da na tara, wato irin su iska, hazo, raɓa, ƙanƙara. Na horar da Word2Vec a gensim, sai na ba shi 'yan kalmomi a matsayin iri:

```python
model.wv.most_similar(positive=["ruwa", "rana", "iska"], topn=50)
```

To wallahi abin da ke fitowa ya dame ni, "rana" tana jawo min wata da shekara da jiya saboda a rubutun galibi ranar kwana ake nufi, "ruwa" kuma ta kawo rijiya da famfo da wanka, ga kuma "ba ruwana" da ke ɓata lissafi. Na gane dalilin, kowace kalma wakili ɗaya kawai take samu komai yawan ma'anarta.

Da na koma kan hazo da hadari da tsawa ya ɗan gyaru, amma hadari ya taho da mota da direba tunda mutane da yawa ba sa rubuta ɗ, hazo kuma bai cika fitowa ba don haka maƙwabtansa shirme ne.

Shin in haɗa "ruwan sama" ta zama kalma ɗaya kafin horarwa, ko in saka "famfo" a `negative`? Kuma a ina kuke yanke jerin, don bayan ta ashirin kusan duk tarkace ne.