Hoton Kakanmu da huhunan goro: Kumasi zan rubuta ko Shagamu?

Jikar Mai Goro: Assalamu alaikum. Taron zuri'armu bayan Sallah ne, an ɗora mini aikin ɗan littafin tarihin Kaka, mai bugawa kuma yana jirana ranar Alhamis. Hoto ɗaya tak muke da shi na ƙuruciyarsa, baƙi da fari. Yana tsaye gefen huhunan goro, bayansa babbar mota mai katako a hagun titi, sitiyarinta a dama, huhunan sun tare lambar. Can nesa akwai wani mutum dishi-dishi, kamar ya yafa zane ta kafaɗa ɗaya. Hatimin bayan hoton ya koɗe, haruffa uku suka rage, ASI. Kaka ya zauna Kumasi har 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, daga nan ya koma Sabon Shagamu. Goggo ta ce Kumasi ne, Kawu ya ce Shagamu. Me zan rubuta a ƙarƙashin hoton da ba zai zama ƙarya ba?

Ɗan Zongo: Kumasi ne, kada ki wahalar da kanki. Mota a hagu, ai Najeriya dama take bi.

Malam Tsohon Ɗab'i: Wa alaikumus salam 'yata. Ɗan Zongo, Najeriya ma hagu take bi a da, sai a Afrilun 1972 ta koma dama, Ghana ta biyo baya a Agustan 1974. Idan an ɗauki hoton kafin 1972, motar ba ta raba gardama ba, don ƙasashen biyu duk hagu ne. Ga shi kuma a tsaye take, motar da ake wa lodi ko'ina direba ya samu yake ajiye ta. Abin da sitiyarin dama ya yi miki kaɗai shi ne ya raunana zancen Nijar ko Kamaru, wanda dama ba wanda ya kawo shi. Goron ma haka, garuruwan biyu duk na goro ne. Alamun da ke aiki biyu ne kacal, hatimi da mai zane.

Baban Ummi: Ki sa shi a manhajar binciken hoto ta waya, nan take za ta faɗa miki.

Mai Kyamara: Hoton da bai taɓa fita daga akwati ba, da me za ta gwada shi? Masu kama da shi kawai za ta jero. Ni a wajena hatimin ya isa. ASI ai KUMASI ne, Shagamu ba ta ƙare da haka.

Malam Tsohon Ɗab'i: Hatimi yana faɗin inda aka wanke hoto ne, ba lallai inda aka ɗauka ba. Fatake na yawo da fim, ana kuma sake wanke tsohon hoto a wani gari. Sannan haruffa uku na iya zama wutsiyar sunan mai shagon, Kwasi misali. Na yarda yana jan ma'auni zuwa Kumasi sosai, amma bai kai a ce tabbas ba.

Hajiyar Sabo: Ni kalmar tabbas ɗin nan ta taɓa ƙona ni. Da mahaifinmu ya rasu na buga kalanda ɗari uku da hotonsa a ƙofar wani gida mai zaure da darbejiya, na rubuta "Baba a ƙofar gidansa". Zaure da bishiyar sun yi kama da na gidanmu na gado, ban tambayi kowa ba. Ashe gidan ƙaninsa ne, wanda dama ake ta ƙananan maganganu kan wanda ya gina shi. 'Ya'yan Baffa suka ce da gangan na yi, wai shaida nake shiryawa don rabon gado. Ranar addu'ar arba'in matar Baffa ta ɗauko kalandar, ta ajiye ta a kan tabarma a gabana, ta sa yatsa kan tagar da ke bayan Baba, ta ce "gidanku yana da taga a nan?" Ba shi da ita. Tagar na nan a hoton tun farko, idona ne ya tsallake ta don na riga na yanke hukunci. Shekara huɗu ke nan ba sa zuwa sunanmu, ba sa zuwa bikinmu. Na sake bugawa da naira dubu tamanin, amma wa zai bi gida-gida ya karɓo na farkon?

Baban Ummi: Allah ya daidaita ku Hajiya. Amma dubu tamanin an cuce ki, ni dubu talatin da biyar aka yi mini ɗari uku.

Mai Kyamara: A wace takarda? Mai sheƙi ko a lokacin ba ta samuwa ƙasa da dubu ɗari.

Ɗan Zongo: Jika, rubuta "Kaka a duniya", ba mai musu.

Jikar Mai Goro: Hajiya, labarinki ya sa na sake duba hoton da gilashin Goggo. Baba Malam, to yaya zan jera kalmomin? Ina tsoron in na rubuta "wataƙila" a ce ban yi aikin ba.

Malam Tsohon Ɗab'i: "Wataƙila" ita kaɗai ba ta gaya wa mai karatu ko kina kusa da sani ko kina nesa, haka ma "Allahu a'alamu" in an sa ta don gudun magana. Ki raba abin da ido ya gani, da abin da aka faɗa miki, da abin da kika auna. Da ni ne sai in rubuta: "Marigayi da huhunan goro. Ba a tabbatar da wurin ba. Mafi rinjaye Kumasi ne kafin ƙarshen 1969, saboda ragowar hatimin da ke bayan hoton da kuma shaidar 'yarsa. Ɗansa yana ganin Shagamu ne." Mai zanen kada ki sa shi. Yafa zane haka shigar mazan Asante ce, mutanen Kumasi, gaskiya, amma kin ce dishi-dishi ne, zai iya zama ɗan dako da buhu a kafaɗa. Kafin Alhamis kuma ki tambayi Goggo daga ina ta sani. In ta ce hatimin ta taɓa karantawa lokacin yana fita, to ita da hatimin shaida ɗaya ce, ba biyu ba, sai dai ta cike miki haruffan da suka goge.

Ɗan Zongo: Malam, da girmanka, ka taɓa taka Kumasi? Ni a can aka haife ni. A turo mini hoton, ko rufin kwano na gani zan gane.

Hajiyar Sabo: Ni ma a gidanmu aka haife ni, ɗana, kuma na kasa gane shi.

Jikar Mai Goro: Na kira Goggo. Ta ce ba ta taɓa juya hoton ba, daga bakin Inna ta ji, Inna kuwa da ita aka yi zaman Kumasi. Kawu ya ce yana yaro a Shagamu ya san motar, har ya hau ta.

Mai Kyamara: Irin motocin nan duk kamarsu ɗaya, yaro ba zai bambance ba.

Baban Ummi: Kada a raina Kawu, shi ganau ne, Goggo jiyau ce.

Malam Tsohon Ɗab'i: Ganau ne na mota, ba na ɗaukar hoton ba. Tambaye shi ko akwai rubutu a goshin motar ko wani lahani da yake tunawa, kafin ki nuna masa hoton kusa. In ya faɗi abin da ke ciki, ma'auni ya motsa, ki sauke "mafi rinjaye".

Hajiyar Sabo: Kuma ki ja kunnen mai bugawar. Hoton mahaifiyarmu aka kai gyara, yaron shagon ya yanke duk bayan ya sa furanni, na asalin kuma ya ce ya ɓata.

Mai Kyamara: Wannan ta'adar ta ishe ni. Wani ya goge wa tsoho rumfar kasuwa ya liƙa masa kujerar sarauta. Jika, kada ki bar musu na asalin ko na kwana ɗaya, ki tsaya a kansu su kwafi gaba da baya.

Baban Ummi: Bayan ma kuɗi suke caja daban, ni ɗari biyar aka karɓa.